Dala tsakanin layi biyu, da ranar da layin ya fashe

Akasarin daskararren kifin da ake saukewa a kasuwar kifi ta Kado, irin su titus da kote da fanla, daga ƙetare ake shigo da shi, kuma da dala ake biyan kuɗinsa tun kafin ya bar tashar jiragen ruwa ta Legas. Shi ya sa mai ɗakin sanyi a Kado, ko da bai taɓa riƙe takardar dala ɗari a hannunsa ba, da safe yakan so ya ji yadda aka tashi a Wuse Zone 4, inda 'yan canjin Abuja suke. In dala ta ɗaga yau, kwalin kifi zai ɗaga kafin mako ya zagayo. Daga cikin 'yan kasuwar da matasan unguwar akwai waɗanda suka wuce sauraro, suka shiga saye da sayar da ita kanta dalar, wasu a hannu, wasu a waya ta hanyar USDT. A bakin irin waɗannan ne ake yawan jin wata dabara mai daɗin faɗa: ka saya a layin ƙasa, ka sayar a layin sama. Dabarar tana da tushe, amma yawancin masu koyar da ita suna tsayawa a rabinta na farko, alhali rabin da ake bari shi ne yake cinye jarin mutane.

Abin da ake nufi da kwararon farashi shi ne a ga farashin wani abu yana kai da komo tsakanin iyakoki biyu na wani lokaci. Mai zane yakan duba taswirar farashin, ya nemo wurare biyu da farashi ya sauka ya juyo sama, ya haɗa su da miƙaƙƙen layi. Wannan shi ne layin ƙasa. Sai ya ja wani layin daura da shi, wanda ya ratsa ta ƙololuwar da ke tsakanin wuraren biyu, ya zama layin sama. Kwararon yana iya zama a kwance, yana iya hawa, yana iya gangarowa. A manhajar TradingView sunan abin zanen `Parallel Channel`, a MetaTrader kuma `Equidistant Channel`, amma takarda da rula ma sun isa. Abin lura kawai shi ne kowane ɗigo biyu a duniya ana iya haɗa su da layi, don haka taɓawa biyu ba hujja ba ce. Sai farashi ya dawo karo na uku ya taɓa layin ya juya, sannan mutum zai fara cewa kasuwa ma ta san da wannan layin, ba shi kaɗai ya ƙirƙire shi ba.

Kasuwar canjin Abuja ta ba mu misali mai tsabta. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira a ƙarshen Oktoban 2022, dala ta yi tsalle a kasuwar bayan fage ta wuce naira 800 a farkon Nuwamba, sannan ta faɗo. Daga Disamban 2022 har zuwa Yunin 2023, kusan wata bakwai, ta zauna tana yawo tsakanin kimanin naira 735 da 770. Ta gangaro ta juya, ta hau ta juya, ba sau ɗaya ba. Duk wanda ya zana layi biyu a lokacin zai ga kwararo a kwance, mai faɗin naira talatin da biyar ko makamancin haka.

Bari mu ɗauki wani mai ɗakin sanyi a Kado, mutumin misali ne kawai, wanda yake da rarar kuɗi ya ce zai juya su a cikin wannan kwararon. Ba zai taɓa samun dala a 735 daidai ba, domin ɗan canji yana da farashin da yake saye da wanda yake sayarwa, kuma bambancin shi ne abincinsa. A ce ya samu a 740, ya sayi dala dubu goma a kan naira miliyan 7.4. In farashi ya kai kusa da layin sama, ɗan canji zai karɓa daga hannunsa a 764, a ce. Ribarsa naira 24 ke nan a kowace dala, wato naira dubu 240. Tun kafin ya saya kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa in farashi ya ratsa layin ƙasa har ana karɓar dala a 725, zai sayar ya fita, domin kwararon da ya dogara da shi ya daina aiki. Asararsa a nan naira 15 ce a kowace dala, wato dubu 150.

A nan ne hikimar sayen ƙasa take, kuma lissafi ce tsagwaronta. Wanda yake sa naira 15 a haɗari don ya ci 24, ko da sau huɗu kawai ya dace a cikin goma, bai faɗi ba: huɗun sun kawo masa 96, shidan sun ɗauke 90. Amma a duba maƙwabcinsa mai gaggawa, wanda ya ga dala ta fara hawa ya saya a tsakiyar kwararo, a 752. Ribar da ke gabansa naira 12 ce, asarar da ke bayansa 27, tunda wurin fita bai canza ba. Wannan sai ya dace sau bakwai cikin goma kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Kasuwa ɗaya, layi ɗaya, wata ɗaya, amma na farko yana da damar yin kuskure sau da yawa ya rayu, na biyu kuwa ba shi da ita. A ganina wannan ne kaɗai dalili mai ƙarfi na saye kusa da layin ƙasa. Layin bai yi wa kowa alkawarin farashi zai juya ba. Abin da yake bayarwa shi ne wurin da mutum zai gane da wuri, kuma da araha, cewa ya yi kuskure. Wanda ya saya a ƙasa bai sa wa kansa wurin fita ba ya zubar da amfanin dabarar gaba ɗaya, ya riƙe sunanta.

Akwai kuma wata tambaya da ya kamata mai kifinmu ya yi tun farko, wato ko kwararon ma ya isa a shiga. Ribar naira 24 a kan 740 kashi uku ne da ɗoriya cikin ɗari. A watannin nan hauhawar farashin kaya a Najeriya tana wajen kashi 22 cikin ɗari a shekara, kusan kashi biyu a wata. In zagaye ɗaya daga ƙasa zuwa sama ya ci wata biyu, ribar ta narke kafin ta shiga aljihu, kuma da ya zuba kuɗin a kifi ya juya su sau biyu ko uku da ya fi samu. Ƙunƙuntaccen kwararo ɗan canji yake ciyarwa, domin shi yana cin rabonsa a shiga da fita. Dokar da na fi yarda da ita ita ce a cire kuɗin shiga da na fita daga faɗin kwararon tukuna, in abin da ya rage bai kai ninki ɗaya da rabi na asarar da aka shirya ɗauka ba, a bar shi ya wuce.

To, me ya riƙe dala a tsakanin layukan nan har wata bakwai? Wannan tambayar ta fi zanen muhimmanci, kuma taswira ba ta amsa ta. A lokacin farashin gwamnati yana daskare a wajen naira 460, kowa ya san inda yake. Ƙarancin takardun naira na Janairu zuwa Maris 2023 ya sa tsabar kuɗin da ake sayen dala da ita ta yi wuya. Zaɓe ya sa masu manyan kuɗi sun dakata suna jiran su ga wanda zai hau da abin da zai yi. Waɗannan su ne ginshiƙan kwararon. Layin da aka zana hoton su ne kawai.

Sai ginshiƙan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya cikin kwana goma sha bakwai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Ranar 9 ga Yuni aka dakatar da Godwin Emefiele daga shugabancin Babban Banki. Ranar 14 ga Yuni bankin ya haɗe kasuwannin canji ya saki farashin gwamnati, wanda ya tashi daga wajen 460 ya wuce 700 cikin 'yan kwanaki. Abin mamaki shi ne a Zone 4 farashi bai motsa sosai ba a makonnin farko, yana nan a cikin kwararonsa, sai dai ya manne da layin sama ya ƙi gangarowa. Da yawa sun ɗauka haɗewar za ta kashe kasuwar bayan fage. Mai bin zane kaɗai ya ga dala a layin sama, ya yi abin da aka koya masa, ya sayar a 764, ya koma yana jiran 740.

Ba ta dawo ba. A tsakiyar Yuli ta haye 800, a Agusta ta wuce 900, a ƙarshen Satumba ta taɓa 1,000. Mutuminmu yana riƙe da naira miliyan 7.64. Da ya yarda kwararo ya fashe tun dala tana 800 ya saya, da ya samu dala 9,550, ya yi asarar 450 daga dubu goman da ya sayar. Da ya jira har 1,000, dala 7,640 kuɗin za su saya masa. In kuwa taurin kai ya kai shi Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura 1,800, abin da zai samu bai wuce dala dubu huɗu da 'yan kai ba. Ko da ya ci zagaye uku a jere kafin nan, ribar ukun ba ta kai dala dubu ɗaya ba. Ga wanda kayansa da dala ake sayo su, wannan asara ce ta gaske, ba ta takarda ba, domin kwalayen kifin da kuɗinsa za su iya sauke masa sun ragu da fiye da rabi. Masu koyarwa sun fi tsoratar da mutane da fashewar ƙasa. A ƙasar da kuɗinta ke yawan faɗuwa, fashewar sama ta fi cin mutane, kuma tana cin su ne suna zaune da naira a asusu suna ganin ba su yi asarar komai ba.

Yaya ake gane fashewa tun tana sabuwa? Alamar farko takan zo ne kafin farashi ya ratsa layi. A lafiyayyen kwararo farashi yana kaiwa bango zuwa bango. In ya taso daga layin sama ya gangaro rabin hanya ya koma, sannan ya sake gangarowa ƙasa da rabi ya koma, masu saye sun daina jiran araha ke nan, kuma layin sama ne yake cikin haɗari. Haka ma akasinsa: farashin da ya bar layin ƙasa ya kasa kaiwa tsakiya yana nuna layin ƙasa ya kusa karyewa, kuma wannan ne lokacin da bai kamata a saya a ƙasa ba, duk da zane yana cewa a saya. Manne wa layi na tsawon kwanaki ba alamar ƙarfin layin ba ce. Layi mai ƙarfi yana tunkuɗe farashi da sauri.

Alama ta biyu ita ce inda aka tashi kasuwa, ba inda farashi ya leƙa da rana ba. A taswirar kyandir, siririn zaren da ya zarce layi ya dawo ba fashewa ba ne, sai jikin kyandir ɗin ya rufe a waje. Tsofaffin masana taswirar hannun jari na Amurka, Robert Edwards da John Magee, waɗanda littafinsu ya fito a 1948, sun shahara da mizanin kashi uku cikin ɗari: farashi ya rufe a wajen layi da tazarar da ta kai haka. A misalinmu kashi uku a kan 770 ya kama wajen 793, wanda dala ta wuce a Yuli ba ta waiwayo ba. Wasu kan ƙara sharaɗin rufewa biyu ko uku a jere. Amma a lura cewa mizanin bai dace da kowane kwararo ba. A ɓangaren ƙasa, kashi uku daga 735 ya kai 713, wato asarar naira 27 don neman 24, lissafin ya lalace ke nan. Jiran tabbaci yana da tsada, kuma kwararon da faɗinsa bai kai kashi biyar cikin ɗari ba ba zai iya biyan wannan tsadar ba.

A kasuwar hannun jari ta Legas ana iya duba yawan cinikin da aka yi ranar fashewa, domin fashewar gaske takan zo da ciniki mai yawa. A Zone 4 ba mai buga wannan adadin, amma kasuwar tana da nata alamun. Tazarar saye da sayarwa takan buɗe, ɗan canjin da jiya yake cin naira biyar ya koma neman goma sha biyar. Ka kira mutum uku ka ji farashi uku. Ka nemi dala dubu goma a ce maka, Alhaji, dubu biyu ce a ƙasa, sauran sai an nemo. In masu kaya sun fara ɓoye kaya a layin sama maimakon su yi rububin sayarwa, layin ya riga ya mutu, taswira ce kawai ba ta sanar ba tukuna. Bayan fashewa kuma, sau da yawa farashi kan dawo ya taɓa tsohon layin daga waje. In layin da da yake rufi ya zama daɓe, farashi ya taka shi ya ƙara gaba, magana ta ƙare.

Duk da haka kada a ɗauka alamun nan ba sa yaudara, kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka. Daga Yulin 2023 dala ta shiga sabon kwararo mai hawa. Ta faɗo ƙasa da 900 a tsakiyar Agusta bayan kamfanin NNPC ya sanar da rancen dala biliyan uku daga Afreximbank, ta sake faɗowa wajen 1,000 a farkon Nuwamba bayan ta taɓa kusan 1,300. Layin da ya haɗa waɗannan wurare biyu yana hawa da kimanin naira hamsin a wata, in aka miƙa shi zai kai wajen 1,250 a ƙarshen Maris 2024. A Fabrairu dala ta ɓalle ta saman kwararon da gudu, irin gudun da yakan zo a ƙarshen tafiya. Sai hukuma ta shigo da ƙarfi. Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 22.75 cikin ɗari, ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, jami'an EFCC suka kai samame Zone 4, Binance ta daina hulɗa da naira a Maris. Bankin ya kuma koma sayar wa 'yan canji dala da kansa, a 1,301 a ƙarshen Fabrairu, a 1,101 a farkon Afrilu.

Wanda ya ga dala ta sauko layin ƙasa a ƙarshen Maris ya saya a wajen 1,300, ya saya ne a gaban mai sayarwar da ya fi kowa kaya, wanda kuma yake rage farashinsa da gangan. Layin ya karye, dala ta gangara kusa da 1,100 har ƙasa da haka a tsakiyar Afrilu. Mai wurin fita ya fita a wajen 1,200 da asarar kashi bakwai ko takwas cikin ɗari. Sai ga shi kafin Mayu ya ƙare dala ta koma wajen 1,500. Wanda ya ƙi fita ya ci riba, wanda ya bi doka ya yi asara. Na san masu kafa hujja da wannan su ce wurin fita ɓata kuɗi ne. Ban yarda ba, domin a tsakiyar Afrilu ba wanda ya san ko 1,100 ce ƙarshe ko 800, kuma halin da ya ceci wanda ya ƙi fita a Afrilun 2024, wato ƙin yarda cewa layi ya karye, shi ne dai halin da ya cinye rabin jarin takwaransa a 2023. Sai dai gaskiya ne cewa mai bin doka zai riƙa biyan irin wannan asarar lokaci zuwa lokaci, kuma dole dokarsa ta haɗa da yadda zai koma ciki in farashi ya dawo ya rufe a saman layin da ya karye.

Saboda irin wannan ne girman abin da aka zuba ya fi wurin shiga muhimmanci. Ƙwararru kan fara lissafi daga asara: nawa zan iya rasawa a ciniki ɗaya, galibi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jari, sannan su raba shi da tazarar da ke tsakanin wurin saye da wurin fita. Mai jarin naira miliyan goma da ya yarda ya rasa dubu 150, in tazararsa naira 15 ce zai iya sayen dala dubu goma, in naira 100 ce kamar ta Maris 2024, dala 1,500 kawai ya kamata ya saya. Masu ciniki a waya da kuɗin aro na dillali, inda jarin dala ɗari ke juya dubu goma, su ne suka fi buƙatar wannan lissafin, ban da maganar kuɗin ruwan kwana da sharaɗin hannu da hannu a canjin kuɗi, waɗanda malamai suka yi magana a kansu kuma ya kamata mutum ya tambaya kafin ya shiga.

Shi kansa umarnin `Stop Loss` da ake sawa a manhaja yana da iyaka, musamman inda hukuma ce take riƙe da layin. Babban Bankin Suwizalan ya tsare farashin yuro a kan faran 1.20 tun Satumban 2011, fiye da shekara uku mutane suna saye a kusa da layin suna cin 'yar riba cikin kwanciyar hankali. Ranar 15 ga Janairu 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwa, farashi ya rufta cikin mintuna, umarnin fita ya rasa mai saye a inda aka sa shi sai can ƙasa da nisa. Mutane sun wayi gari dillalai suna bin su bashi, kamfanin Alpari na Birtaniya ya durƙushe. A kasuwar hannu ta Abuja ma babu irin wannan umarni ko kaɗan. Wurin fitar mai kifin Kado shi ne ya ɗaga waya ya kira ɗan canjinsa, kuma ranar samame ko ranar sabuwar sanarwar Babban Banki, yana iya samun wayar a kashe ko a ba shi farashin da ya yi nisa da layin da ya zana.